Mura Cikin Azumi: Likita Na Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, mura ta kama ni da ciwon kai da zazzaɓi kaɗan. Ba na son ajiye azumi. Yaya zan sha farasitamol? (Mai sayar da yadi, Babbar Kasuwar Sakkwato)

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Daga shan ruwa zuwa fitowar alfijir a nan Sakkwato wajen awa goma zuwa sha ɗaya ne, kuma cikinsu za ka tsara komai. Babban mutum yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, ya bar aƙalla awa huɗu kafin ya ƙara, kuma kada ya wuce ƙwaya takwas a awa 24. To ka sha biyu da buɗa-baki wajen ƙarfe 7, biyu da ƙarfe 12 na dare idan ciwon ya dawo, biyu da sahur wajen ƙarfe 5. Na sahur ɗin zai riƙe ka awa huɗu zuwa shida kawai, kafin azahar ya sake ka. Kada ka ce bari ka haɗiye huɗu don ya kai ka magariba. Ba zai kai ba, hantarka ce za ta sha wahala.

Ka kuma duba kwalin maganin murar da aka ba ka a kemis. Yawancinsu da farasitamol a ciki, sai mutum ya haɗa biyun ya ninka bai sani ba. Ibuprofen kuwa ban so ka sha shi da sahur: jikin da zai wuni ba ruwa, maganin na iya taɓa ƙoda, ya kuma tayar da gyambon ciki.

Tambaya: Maigidana yana mura. Da sahur yakan shanye kofin silba uku na ruwa a tashi ɗaya, amma kafin hantsi ya galabaita. (Wata uwargida, Mabera)

Amsa: Hajiya, ruwan da aka ɗura lokaci guda ba ya zama a jiki, cikin awa biyu ko uku yawancinsa ya fita a fitsari. Ga zazzaɓi na jawo gumi, ga hanci a toshe yana numfashi ta baki, ga ranar garin nan da kan wuce digiri 40 a bazara. A rarraba masa shi. Ledar fiya wata rabin lita ce, ya sha biyar ko shida cikin dare: ɗaya da dabino, ɗaya bayan magariba, ɗaya bayan asham, ɗaya kafin ya kwanta, ɗaya ko biyu da sahur, a hankali. Kunu, fura mai ruwa-ruwa da kankana duk suna cikin lissafi. Ruwan ɗumi da citta da zuma na lallashin maƙogwaro fiye da ruwan ƙanƙarar da muke rububi a kai.

Idan ya yi gumi sosai ko akwai gudawa, a kaɗa fakitin ORS babba cikin lita ɗaya, wato leda biyu. Ki sa ya riƙa duba fitsarinsa da asuba. In ya fito fari-fari, ruwa ya isa. In kaɗan ne kuma ya yi duhu kamar shayi, da saura. Amma mai ciwon zuciya ko na ƙoda da aka ƙayyade wa ruwa, wannan lissafin ba nasa ba ne.

Tambaya: An rubuta mini amoksisilin sau uku a rana. Zan iya shanye ukun da dare? (Ɗaliba, Arkilla)

Amsa: A'a, 'yata. Sau uku na nufin duk bayan awa takwas, kuma daren azumi ba ya ɗaukar haka. Ki koma wurin wanda ya rubuta. Mura zalla bairos ke kawo ta, amoksisilin ba ya taɓa ta, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma takan wuce. Idan kuwa wanda ya rubuta ya ga ciwon ya sauka ƙirji ko kunne, ki tambaye shi ko akwai na sau biyu da zai dace da buɗa-baki da sahur. In babu, ki ajiye azumin, ki sha magani a kan ƙa'ida, ki rama daga baya. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya wannan rangwame.

Ni a wurina, duk wanda zafin jikinsa ya kai 38.5, ko jiri ke ɗibarsa in ya miƙe, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ya sha ruwa nan take, kada ya jira kiran sallar magariba. Mai ciki, tsoho da mai ciwon suga su ajiye tun kafin a kai nan. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu a je a yi gwajin maleriya. Wanda numfashi ke yi wa wuya, ko wuyansa ya sanƙare da matsanancin ciwon kai, a wuce da shi asibiti a lokacin, domin da zafi ne sanƙarau ke yawo a yankinmu.