Buɗe asusun banki a Legas ba tare da takardar wuta da sunanka ba

Tambaya: Malam, na zo Legas daga Sakkwato bana, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. A ɗakin yayana nake kwana a Agege. Masu saye suna son tura kuɗi, ni kuwa asusun yayana nake ba su. Na je banki an ce sai da takardar wuta. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, takardar wutar nan ba lallai ba ne ta zo da sunanka. Abin da banki yake nema a jikinta shi ne adireshin inda kake kwana, kuma galibin bankuna suna karɓarta da sunan mai gida muddin ba ta wuce wata uku ba. Agege tana ƙarƙashin Ikeja Electric. Ka roƙi mai gidan ko mai kula da gidan ya ba ka ta watan jiya ka yi hotonta. In mitar kati ce, rasidin sayen wuta mai ɗauke da adireshi yakan wadatar. Wasu kuma suna karɓar rasidin kuɗin haya ko na kwashe shara, sai ka tambaya a reshen kafin ka cika fom.

Bayan ka miƙa takardu, banki yakan aiko mutum ya ga gidan da idonsa, kuma a nan ne mutanenmu da yawa suke faɗuwa. Kana kasuwa tun asuba, mai binciken ya tambayi maƙwabta, su ce ba su san mai wannan suna ba, don su da "Aboki" ko "Malam" suka san ka. Shi ke nan a rubuta ba a tabbatar da adireshi ba, a takura asusun. Don haka ka gaya wa mai gida da mai shagon bakin ƙofa cikakken sunanka, ka sanar da su za a zo. A fom ɗin ka rubuta lambar gida, sunan titi da tashar mota mafi kusa. Kada ka ari adireshin gidan da ba ka kwana a ciki.

Kafin ka koma, duba lambobinka biyu. Danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi don ganin BVN, sannan *346# don NIN. In ka taɓa yin BVN a gida, ita ce taka har abada, ba a yin ta biyu. Suna da ranar haihuwa su zo daidai a duka biyun. In ɗaya ta ce Muhammad ɗaya ta ce Mohammed, ko an sa sunan gari a madadin na mahaifi, gyara shi tukuna: na NIN a wajen hukumar NIMC, na BVN a banki.

Wataƙila wani ya ce maka ka buɗe ta waya kawai, ba ruwanka da takarda. Gaskiya ne, asusun matakin farko yana buɗuwa da BVN ko NIN kaɗai, amma Babban Bankin Najeriya ya yi masa iyaka: naira 50,000 a shigarwa ɗaya, kuma jimillar abin da ke ciki kada ta wuce 300,000. A ce mai gidan abinci ta ɗauki albasar naira 400,000 ta tura maka. Ko dai kuɗin su ƙi shiga, ko su shiga a riƙe su sai ka kawo takardu, alhali mai mota yana jiran kuɗinsa. Mataki na biyu ma 500,000 ne iyakarsa. Mai sayar da buhuna, mataki na uku ne nasa, shi ne kuwa yake buƙatar BVN da NIN tare, katin shaida, hoton fasfo da tabbatar da adireshi. Ka buɗe na farkon yau don ka daina tara ciniki a asusun yayanka, domin ko da amana, lissafi yana cakuɗewa, sannan ka bi takardu a ɗaga shi. Asusun ajiya ya ishe ka yanzu. In kana gudun kuɗin ruwa, Jaiz da Lotus suna da rassa a Legas.

Batun waya kuma, layin da za ka ba banki ya zama wanda aka yi wa rajista da NIN ɗinka, kar ka ba da na aro. Ko ƙaramar waya gare ka, kowane banki yana da lambar dannawa, kamar *894# na First Bank ko *919# na UBA. Lambar sirri kai za ka zaɓa da hannunka, kar ka sa shekarar haihuwa, kar ka karanta wa mai POS, kuma duk wanda ya kira ya ce daga banki yake yana neman lambar da aka turo maka, ɓarawo ne. Saƙon shigar kuɗi ana ƙirƙirar na bogi, don haka kada buhu ya hau baro sai ka duba ragowar kuɗinka da kanka ka ga sun ƙaru. Ranar da waya ta ɓace, fara da sa banki ya rufe asusun, sannan ka je neman sabon layi.