Amsar Yaya kan ajiyar ko-ta-kwana

Tambaya: "Yaya, albashina dubu 90 ne, amma wani watan sai a kai 15 ga wata ba a biya ba. Kullum cikin bashi nake. Ta yaya zan fara ajiye wani abu?"

Amsar da ya turo ta murya:

Salamu alaikum. To ƙanena, ka ga maganar tara kuɗin wata uku ko shida da ake yi, ajiye ta gefe tukuna. Kai abin da ke kayar da kai shi ne kwanakin jira, su za mu fara toshewa.

Buɗe saƙonnin bankinka na wata shida da suka wuce, ka duba wane ne jinkiri mafi tsawo. A ce kwana 20 ne. Sai ka lissafa abin da ba makawa sai ka kashe: abinci, kuɗin mota zuwa aiki, kati, da ɗan abin da kake ba Hajiya. Ban da ɗinki, ban da gudummawar biki. In ya kama dubu 60 a wata, dubu 2 ke nan a rana. Kwana 20 ya zama dubu 40. To wannan dubu 40 ɗin ita ce burinka na farko.

Ranar da albashi ya shigo, a ranar fa, kafin ka sayi ko tsire, cire dubu 9. Albashi biyar ka wuce dubu 40. In mai shago na bin ka, biya shi ka cire dubu 5 kawai, don shi ma rufin asirinka ne. Kuma kada ka sa banki ya riƙa cira da kansa a ƙayyadadden kwanan wata, tunda ranar na iya zuwa asusun ba komai.

Kuɗin kuma su zauna a wani asusu daban, wanda ba ka karɓi katinsa ba. In kana gudun kuɗin ruwa, akwai irin su Jaiz da TAJ. Adashi yana da kyau, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ba lallai kwasarka ce ba.

Inda yawancinmu ke faɗuwa... ni kaina ya same ni... shi ne ranar da aka biya wata biyu a haɗe. Ka ga dubu 180, sai ka ji kamar ka tsinci dami a kala. Na taɓa sayen waya da irinsa, bayan sati uku ina rancen kuɗin mota. Rabin kuɗin nan ai ka riga ka ci shi a bashi. Biya bashin, ka mayar da abin da ka ɗiba a ajiyar, sannan ka ga me ya rage.

In dubu 40 ta cika, ci gaba da cire dubu 9 ɗin, amma wannan karon na asibiti ne da makamantansa, har ya kai dubu 60. Turo min lissafin kwanakin naka da dare mu duba tare.