Gaisuwar aji a makarantun Japan: abin da yaronka zai tarar

"Assalamu alaikum Yaya. Na samu gurbin digiri na uku a Japan, zan taho da iyali a watan Afrilu in Allah ya yarda. Babban ɗana shekararsa 11, ga shi da kunya. In ya shiga aji yaya zai gai da malami? An ce wai tare suke gaisuwa har da rusunawa. Ni kaina ban san yadda zan gai da nawa farfesan ba."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa a taho a sa'a. Kun dace da lokaci, don a watan Afrilu ake fara shekarar karatu a nan, saboda haka yaron zai shiga ne sa'ad da ake sabunta azuzuwa, kowa na koyon halin sabon malaminsa.

Abin da nake so ka fara sa wa a ransa shi ne, a nan yaro ba ya zuwa gaban malami ya gaishe shi shi kaɗai kafin darasi. Gaisuwar ta aji ce gaba ɗaya, kuma ba malami ne ke ba da umarninta ba, ɗalibi ne. Kowace rana akwai yaro ɗaya ko biyu masu aikin ranar, ana ce musu niccoku, za ka ga sunayensu a gefen allo ƙasan kwanan wata. Da an buga ƙararrawa malami ya tsaya a gaban allo, mai aikin ranar ne zai ɗaga murya.

Ga yadda take tafiya a inda ake yin ta cikakkiya. Zai ce "kiritsu", sai kowa ya miƙe, ya tura kujerarsa ƙarƙashin tebur, ya tsaya a bayanta. Sai ya ce "kiotsuke", wato a natsu: ƙafafu a haɗe, hannuwa a sake a gefe, ido a kan malami. A nan mai ba da umarnin zai ɗan dakata ya duba ajin, ba zai wuce gaba ba sai ƙarar kujeru ta mutu kuma babu mai riƙe da fensir. Daga nan sai ya ce "rei". Ajin duka su ce "onegai shimas", ma'ana muna roƙo a koyar da mu, su rusuna, malamin ma ya rusuna musu. Na ƙarshe "cakuseki", a zauna. Duka abin bai kai rabin minti ba idan ajin ya ƙware. In darasi ya ƙare a sake yi, sai dai a wannan karon "arigato gozaimashita" za a ce, mun gode. Darasin firamare minti 45 ne, na sakandare 50, to ka ga yaro zai yi wannan gaisuwa sau goma ko fiye a wuni. Mako guda ya ishe shi jikinsa ya riƙe ta.

Wurin da baƙon yaro ke fita daban ba a kalmomin yake ba, a lokacin yake. Makarantu da yawa suna koyar da cewa magana ce ke gaba, rusunawa ta biyo baya: ka faɗi gaisuwar kana kallon malami, ka rufe baki, sannan ka sunkuya. Dalilinsu kuwa, wanda ya haɗa biyun ƙasa ya gaisar, ba malami ba. Yaron da bai sani ba zai sunkuya tun ana tsakiyar magana, ya ɗago daidai lokacin da sauran suka sunkuya, sai kansa kaɗai ya rage a sama. Ga mai kunya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka ce masa ya bi kafaɗar yaron da ke gabansa: ta sauka ya sauka, ta ɗago ya ɗago. Rusunawar daga ƙugu take, baya a miƙe, ba lanƙwasa wuya ba, kuma ba a ɗaga ido a leƙi malami ana ciki. A tsaya kamar ƙidaya ɗaya, biyu, uku sannan a miƙe.

Wani abin da zai iya ba shi tsoro shi ne maimaici. Idan muryoyi suka fito a warwatse, ko wani yana bincike a jaka ana gaisuwa, malami zai ce a sake, kowa ya koma ya zauna a faro daga "kiritsu". Ko ba a kira sunan wanda ya jawo ba, yara sun san shi. Ka gaya masa tun yanzu cewa wannan abu ne na yau da kullum, ba don shi baƙo ne ake yi ba. Abin da malamin ke nema shi ne a raba lokacin wasa da lokacin karatu, hankalin yara talatin da wani abu ya dawo wuri guda kafin ya buɗe baki. Ni a ganina wannan shi ne ainihin amfanin abin, kuma yana aiki. A ranar da ake barin iyaye su tsaya a bayan aji su kalli darasi, za ka ga ajin da ke ta hayaniya ya yi tsit da kalma ɗaya daga bakin yarinya 'yar shekara goma, malamin bai ce uffan ba.

Sai dai kada ka sa shi haddace tsarin nan kamar ba ya canzawa. A firamare da yawa ba a miƙewa ma. Mai aikin ranar zai ce a gyara zama, yara su ajiye hannuwa a kan cinya, sai ya sanar cewa yanzu za a fara darasi na uku, lissafi, ajin ya amsa, a rusuna daga zaune. A yankin Gunma kuma bayan "kiritsu" sukan ce "cumoku", a zuba wa malami ido. Shi ya sa ranar da za ka kai shi rajista, ka roƙi malamin ajinsa ya rubuta maka ainihin kalmomin da wannan ajin ke faɗa, bi da bi. Suna jin daɗin irin wannan tambaya ƙwarai.

Ka roƙi wannan takarda ne musamman saboda layin niccoku zai zo kansa. Ana bin jerin kujeru ne ko jerin sunaye, ba a tsallake kowa don bai iya yaren ba. A ajin yara 35, idan bibbiyu ake yi, kafin wata ya zagayo sunansa zai hau allo. Ranar shi ne zai tsaya ya ba aji umarni tun daga taron safe har a tashi. Ku riƙa gwadawa a gida: kai da mahaifiyarsa da ƙannensa ku zama ajin, shi ya kira, ku amsa. Abu biyu za ka lura da su. Na farko murya, ta kai bangon baya, don in ya yi ƙasa-ƙasa rabin ajin ba za su miƙe ba, a ce ya sake. Na biyu ratar da ke tsakanin kalmomi. Yaro mai fargaba yana so ya gama da wuri, sai ya jero umarnin a numfashi ɗaya, ya ce a rusuna alhali wasu ba su gama tura kujera ba. Ka koya masa ya jira shiru ya sauka tukuna. Ranar da ya yi wannan lafiya, yaran sun daina ganinsa a matsayin baƙo.

Gaisuwarsa ta shi kaɗai ba ta da yawa. Da safe in ya shiga aji ko ya haɗu da malami a baranda, "ohayo gozaimas" da ɗan sunkuyar da kai, ya wuce. Malami kuwa ana kiransa da sunan danginsa a haɗa da "sensei", ko a ce "sensei" kawai. In ya makara ya tarar an fara darasi, kada ya tsaya a bakin ƙofa yana doguwar gaisuwa, katse darasi ne a wurinsu. Ya buɗe ƙofar baya a hankali, ya ɗan rusuna, ya ce "okurete sumimasen", a yi haƙuri na makara, ya nufi kujerarsa, bayani sai an tashi. Ofishin malamai ne ke da ƙa'ida mai tsauri: ya ƙwanƙwasa, ya ce "shitsurei shimas", ya faɗi ajinsa da sunansa da malamin da yake nema, in zai fita ya juyo ya ce "shitsurei shimashita" kafin ya ja ƙofa.

Batun rusunawa na san akwai abin da ke bayan tambayarka, don ba ka ce komai ba amma na ji shi. Su a lissafinsu hawa uku ce: ta wucewa wajen digiri 15, ta girmamawa wajen 30, ta ban haƙuri ko babbar godiya wajen 45. Ta aji ba ta wuce ta tsakiya ba, kuma a wurinsu ladabi ne tsakanin mutum da mutum, shi ya sa malami ma ke mayarwa. Duk da haka malamanmu sun yi magana a kan rusuna wa mutum, kuma iyalai Musulmi a nan ba matsayi ɗaya suka ɗauka ba. Ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa tun kafin ku taso, ku tsai da magana ɗaya a gida. In kun tsaya a kan cewa yaro zai tsaya a ɗan sunkuyar da kai, to kai da kanka ka je ka shaida wa malamin ajin kafin ranar farko, ka bayyana masa cewa zai miƙe tare da kowa, zai faɗi gaisuwar tare da kowa, zurfin sunkuyawar ne kawai zai bambanta. Abin da ba na so shi ne a bar yaro ɗan shekara 11 ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar aji babu wanda ya san dalili, malami ya ɗauka raini ne ya yi ta sa ajin maimaici a kansa.

Kai kuma naka mai sauƙi ne. A jami'a babu miƙewa, babu umarni. Farfesa zai shigo ya fara magana, iyakarka ka kasance a zaune kafin ya iso. A ɗakin bincike ne gaisuwa ke da nauyi: in ka shigo da safe ka gai da ɗakin gaba ɗaya da murya ɗaya, ba sai ka bi tebur-tebur ba, kuma kada ka miƙa wa farfesa hannu sai in shi ya fara. In za ka tafi ka bar wasu suna aiki, ka ce "osaki ni shitsurei shimas", na riga ku tashi, za su amsa da "otsukaresama deshita", sannu da aiki. Akwai wata mai kama da ita, "gokurosama", wadda babba ke ce wa na ƙasa da shi. Za ka ji ta a bakin farfesa, amma kada ka mayar masa da ita.

Ka gaida mutan gidan, ka ce wa babban ɗan naku ya fara gwada muryarsa tun yanzu.