Wasiƙar neman muƙamin gudanarwa a makaranta: me malamin aji zai rubuta?

Assalamu alaikum Malam. Shekara 11 ke nan ina koyar da lissafi a sakandare, 7 a gida, 4 a ƙasar da nake zaune yanzu. An tallata gurbin mataimakin shugaban makaranta mai kula da gudanarwa, kuma ina so in nema. Sun ce wasiƙata ta nuna jagoranci a wajen aji. Ni dai ban taɓa riƙe wani babban muƙami ba, sai dai ni ke tsara jarrabawar ƙarshen zango shekara 3 ke nan, kuma ina taimaka wa sababbin malamai. Na haɗo daftarin da na rubuta, a duba mini.

Wa alaikumus salam Malama. Na karanta daftarin sau biyu, kuma zan gaya miki gaskiya: wasiƙar malamar lissafi ce mai kyau, wadda za ta iya samo miki wani ajin lissafin. Sakin layi uku kin ba wa yadda kike son ɗalibai da yadda suke cin jarrabawa, shi kuwa aikin tsara jarrabawar kin jefa shi a jimla ɗaya can ƙasa, har da cewa "na ɗan taimaka". Wannan jimlar da kika raina, a kanta za ki gina wasiƙar gaba ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, waɗanda za su tantance takardun sun riga sun yarda kin iya aji. Tambayar da ke ransu daban ce: wannan matar za ta iya sa manya 'yan'uwanta su yi abin da ba su yi niyya ba, ba tare da an ɓata ba? Yaro a aji dole ya saurare ki. Shugaban sashen da ya girme ki da shekara 15 babu abin da ya tilasta masa. To duk wanda ya tsara jarrabawar makaranta sukutum ya sha fama da irin wannan, domin sai ya raba ɗakuna, ya raba masu sa ido, ya bi malamai su kawo tambayoyi a kan lokaci, ya sake bin su su kawo maki. Kin yi wannan shekara 3, amma a takarda kika kira shi ɗan taimako.

Na san daga ina wannan ya fito. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma ni ma ina kan wannan ra'ayi. Sai dai faɗin abin da ya faru ba yabon kai ba ne. Idan kin rubuta "ni jagora ce mai hangen nesa", kin yabi kanki, kuma babu wanda zai yarda, don kowa haka yake rubutawa. Idan kuwa kin ba da labarin matsala guda, da abin da kika yi, da inda aka kwana, shaida kika bayar, sai su yanke hukunci da kansu.

Ga yadda nake ganin zuciyar wasiƙar za ta kasance. Lambobin na misali ne, ki cire su ki sa naki na gaskiya, kuma ki rubuta da harshen da aka yi tallar:

"Lokacin da aka ba ni tsara jarrabawar ƙarshen zango, sakamako kan ɗauki mako 4 kafin ya isa hannun iyaye, saboda kowane sashe yana kawo makinsa ranar da ya ga dama, kuma a tsari daban. Na zauna da shugabannin sassa 6 ɗaya bayan ɗaya, na kawo shawarar fom guda da ranar miƙawa guda. Biyu daga cikinsu ba su amince ba da farko, domin takardun da suke dubawa sun fi na kowa yawa. Sai na sake raba aikin sa ido a ɗakin jarrabawa, na sama wa malamansu kwana 2 na duba takardu. A zangon da ya biyo baya sakamako ya fita cikin kwana 10, kuma har yanzu wannan tsarin ake bi."

Ki lura da mutum biyun nan da suka ƙi. Yawancin masu nema sukan share irin wannan, suna ganin zai nuna rauni, alhali nan ne mai karatu yake ganin halinki. Ya ga kin saurari ƙorafi, kin gane yana da tushe, kin nemo mafita ba ki kai ƙara sama ba. Ki lura kuma da inda na sa "na". A daftarinki ko'ina "mun yi" ne, "muka shirya", har mutum ba zai san ke ce kika ja ragamar ba ko kuwa zama kawai kika yi a taron. Abin da kika yi da hannunki ki ce "na", abin da aka yi tare ki ce "mun". Kada kuma ki ambaci sunan wani malami ko ɗalibi a labarin, domin mai neman wannan kujera ana duba yadda yake riƙe sirri.

Batun sababbin malamai ki ba shi jimla biyu ko uku kawai: nawa ne, sau nawa kike shiga ajinsu ki kalli darasi, me ya sauya. Idan ba ki da abin faɗa da ya wuce "sukan zo su tambaye ni", ki bar shi sai ranar intabiyu.

Shekarunki 7 na gida kada ki binne su, kamar yadda 'yan ci-rani da dama suke yi suna tsammanin ba za a ƙirga ba. Ana ƙirgawa idan an fahimta. Sunan muƙami na can wataƙila ba ya nufin komai ga mai karatu a nan, don haka ki bar sunan ki bayyana aikin: kin riƙe aji mai ɗalibai kaza, ke ce ke bin diddigin zuwansu, ke ce ke ganawa da iyayensu. Sannan kafin ki aika, ki sake karanta sharuɗɗan tallar da kyau. A jihohin Amurka, alal misali, makarantun gwamnati kan buƙaci lasisin shugabanci na daban wanda ba na koyarwa ba. Idan akwai sharaɗi irin wannan kuma kina kan hanyar cika shi, ki faɗi haka a fili a jimla ɗaya, da lokacin da kike sa ran kammalawa.

Sauran wasiƙar ba ta da wuya. Shafi ɗaya ya isa. Ki buɗe da sunan gurbin kamar yadda suka rubuta shi da kuma shekarunki a aiki, ki cire "ina mai ƙanƙan da kai ina roƙo a taimaka mini", domin aiki kike nema da cancantarki. Bayan labarin jarrabawar, ki ɗauko buƙata ɗaya daga cikin waɗanda suka lissafa a tallar, misali inganta halartar ɗalibai, ki faɗi ta inda za ki fara idan an ba ki kujerar.

Abu na ƙarshe, ki je wurin wanda za ki sa a matsayin mai ba da shaida a kanki, ki nuna masa wasiƙar kafin ta fita. Idan kin rubuta kwana 10 shi kuma a tunaninsa mako 2 ne, gara ku daidaita yanzu ku duba takardun makaranta, domin za a iya kiransa a tambaye shi wannan lambar. Idan kin gyara daftarin, ki sake turo mini in duba. Allah ya ba da sa'a.