Bambancin lissafin kaya ba kullum sata ba ne

"Ina da shagon tireda. Duk wata sai in ga kaya sun yi kasa, kuma ban san inda suke bi ba. Yaya zan tsara lissafin?"

Malam, ka ja layi shida a littafi, kowane kaya da nasa jere: kayan farkon wata, wanda ya shigo, wanda aka sayar, abin da ya kamata ya rage, abin da ka kirga da hannunka, sai bambanci.

Dauki taliya. Ka fara wata da katan 12, dila ya kawo 30, littafin ciniki ya nuna an sayar da 35. Ya kamata 7 su rage. Ka shiga sito ka tarar da 5, to katan 2 ne babu.

Kafin ka zargi yaron shago, ka duba takardar dila: 30 din aka sauke, ko 28 aka kawo aka rubuta 30? Ka duba littafin bashi, ka tuna wanda aka kai gida don girki. Sannan abin da ya fi rikita mutane, katan da aka fasa ana sayarwa dai-dai. Idan kana fasawa, ka mai da lissafin duka zuwa guda-guda, kada ka hada katan da guda a layi daya.

Idan kuma kirgen ya fi lissafi yawa, kada ka yi murna. Yawanci kaya ne suka shigo ba a rubuta ba.

Ka yi kirgen bayan an rufe shago, kuma abin da ka kirga shi zai zama kayan farkon sabon wata, wato 5, ba 7 ba.