An cire maka haraji a kuɗin kwangila: yadda za ka karɓi rasit ɗinka

Wani mai karatu daga Fagge ya rubuto: "Barista, na kai wa wani kamfani a Bompai kujerun ofis na naira miliyan 5, suka turo mini 4,900,000, wai sun cire haraji. Wata uku ke nan ba takarda. Ina tsoron matsa musu kada su daina ba ni aiki."

Malam, cirewar kanta tana kan ƙa'ida. Dokar cire haraji daga tushe ta 2024, wadda ta fara aiki sosai a Janairun 2025, ta sa kashi 2 cikin ɗari a kan kawo kaya, wato naira 100,000 a miliyan 5. Amma wannan dubu ɗari kuɗinka ce har yanzu. Kafin alƙalami ce ta harajinka na shekara, kuma idan ka zo biya za a rage maka ita. Rasit ne shaidarka. In babu shi, sai ka biya haraji sau biyu a kan ciniki ɗaya.

Doka ta wajabta wa wanda ya cire ya ba ka rasit, saboda haka nemansa ba rashin kunya ba ne. Idan da sunan kasuwanci kake aiki, ba kamfani mai rajista ba, kuɗin na Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano ne, kuma ya kamata su shiga a cikin watan da ya biyo bayan biyan. Wata uku ya wuce wa'adi.

Ka daina kiran waya, ka rubuta wa akantan kamfanin wasiƙa cikin ladabi. Ka sa lambar takardar neman biya, ranar da aka biya ka, jimillar kuɗin, abin da aka cire da lambar harajinka, ka nemi rasit cikin kwana 14. Ka kai kofi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Sau da yawa na ga matsalar sakaci ce kawai, wasiƙar nan takan warware ta ba tare da an ɓata ba.

Idan rasit ya zo, kada ka jefa shi a durowa. Duba sunanka da lambar harajinka harafi-harafi, domin kuskure ɗaya kan sa a rubuta kuɗin a asusun wani. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: idan rasit na hannunka, hukuma za ta lissafa maka kuɗin ko da kamfanin bai zuba ba, sai ta bi shi bashin tare da tara da kuɗin ruwa.

In kwana 14 suka cika shiru, ka sake rubutawa, wannan karon ga manaja. In hakan ma bai yi ba, ka kai ƙorafi hukumar harajin da wasiƙun biyu, takardar kwangila da bayanan banki masu nuna 4,900,000 ɗin da suka shigo. Kotu tana nan, amma a kan dubu ɗari ba zan ce ka fara da ita ba.