Sukarin da muke saidawa kusan kuɗin sari

Maigida, don Allah akwai abin da ya ɗaure min kai. Kilon sukari kowa a layin nan dala 140 yake saidawa, mu kuma ka ce dala 130, alhali wuri ɗaya muke sari da su. Ni ina ganin kamar wahalar banza muke sha a kan sukarin nan, ina ribar take?

To yarona, ribar tana cikin ledar da mutum yake fita da ita daga butik, can za ka dinga kai idonka daga yau. Amma bari mu yi lissafin tare tukuna don ka gan shi da kanka.

Mu ce mun sari buhu mai kilo 50 a jika 30. Mai amalanke ya ci dala 100, leda ta ci dala 50, ka ga buhun ya tsaya mana a jika 30 da dala 150. Kuma kai da kake awo ka sani, buhun 50 ba ya ba ka kilo 50 a ƙulli, akwai wanda ke zuba ƙasa, akwai wanda ke maƙalewa a jikin buhu, ga ɗan rinjayen da muke yi wa mutane a sikeli, in ka samu 49 ka gode Allah. In ka raba kuɗin a kan 49 kilo ɗaya yana faɗowa wajen dala 126. Wannan shi ne uwar kuɗi ta gaskiya, ba dala 120 da yara ke lissafawa da ka ba. Maƙwabta na cin dala 14 a kilo, mu muna cin 4. Wato a kowane buhu mun bar dala 490, jika biyu da rabi ke nan ba kaɗan. Kuɗi ne wallahi, ni ma ina jin su a jikina.

To me muka saya da su? Ƙafar mutane muka saya. Sukari kaya ne da kowa ya san kuɗinsa, tsohuwa a cikin gida ta sani, yaron da ake aike ya sani, in ka sauke dala goma kafin la'asar labari ya zaga unguwa ba tare da ka biya mai shela ba. Amma wa ya riƙe kuɗin ganyen shayi a kansa, ko tumatirin gwangwani, ko sabulu, ko ashana? Ba wanda zai taka daga Zariya zuwa nan don an rage kuɗin ashana. Kuma sukari ba a shansa shi kaɗai, wanda ya zo saye yana da shayi a zuciya, ko kunu, ko fura, sai ya ce to ƙaro madara, ƙaro ganye, ya tuna magi ya ƙare a gida. Shi ya sa na ce ka ajiye ƙullin sukarin can ciki bayan kanta, kar ka jera shi a bakin ƙofa inda mutum zai miƙo kuɗi daga kan babur ya wuce. Ya shigo, idonsa ya gane masa sauran kaya.

In mutum ɗaya ya haɗa da kayan da ribarsu ta kai dala 30, to a cikin masu sayen buhu guda muna buƙatar wajen mutum 17 irinsa kafin dala 490 ɗin nan su dawo. Sai dai a nan ne 'yan kasuwa da yawa ke yaudarar kansu, kuma ina so ka saurara da kyau. Hajiyar da shekara da shekaru a wurinmu take sayayya, ko ba ragi za ta zo, ita kyauta kawai muka yi mata, ba ta shiga cikin 17 ɗin ba. Waɗanda ake ƙirgawa su ne sababbin fuska, waɗanda da can wani wuri suke zuwa sukari ya jawo su. Littafin nan da nake sa ka ja layi a ciki, amfaninsa ke nan. Wanda ya sayi sukari kawai ya fita ka ja masa layi a hagu, wanda ya haɗa da wani abu a dama, in baƙon ido ne ka ɗiga masa ɗigo. Bayan sati biyu, kasuwar Litinin da ta Juma'a sun zagayo sau bibbiyu, sai mu zauna mu duba. In hagu ta cika dama fayau, butik na cike da mutane amma aljihun tebur bai ƙaru da dare ba, to jini muke zubarwa, mu koma 140 ba kunya.

Na taɓa ƙonewa a kan wannan, da man gyaɗa. Na sauke shi daidai kuɗin sari ban sa iyaka ba, ina ta murna jarka na ƙarewa kamar ana wasoso, ashe wani mai tebur ne a bayan layi yake turo yara ɗaya bayan ɗaya da kwalabe, yana juyewa yana saidawa a kuɗin kasuwa. Kwana huɗu ina yi masa dako da jarina, ko ƙwayar magi yaran ba su taɓa saye ba. Tun daga ranar na sa doka, kilo biyu ga mutum ɗaya. Masu shayi in sun zo neman kilo goma ka turo min su, cinikinsu daban ne. Kuma kayan ragi ba a ba da shi bashi, ko waye, ka ce maigida ya hana, ka ɗora laifin a kaina. Dala 4 ba ta iya jiran ƙarshen wata.

Sai maganar azumi. Lokacin ne sukari ya fi jan mutane, kuma lokacin ne ya fi haɗari, don kuɗin buhu kan motsa a wurin manyan 'yan sari. Kar ka yi lissafi da kuɗin da muka saya jiya, ka yi da kuɗin da za mu sake saye gobe. In buhu ya koma jika 32 muna nan muna saida kilo 130, kilo 49 zai ba mu jika 31 da dala 170, ka ga mun saida buhu sukutum kuɗinsa bai isa ya sayo ɗan'uwansa ba. Don haka kullum da safe kafin ka ƙulla sukari ka buga waya ka ji nawa buhu ya kwana.

Abu biyu ne ban yarda da su ba ko kusa. Na farko tauye awo, a rage kuɗi a baki a cire a sikeli, wannan haramun ne kuma mata suna sake aunawa a gida, rana ɗaya za a gane ka. Na biyu a lafta wa madara da sabulu kuɗi don a fanshe na sukari. Sauran kaya mu bar su a kuɗin da kowa ke saidawa, ribarsu ta yau da kullum ta ishe mu in dai ƙafa ta yawaita.

Maƙwabta kuwa, kaya ɗaya tak muke saukewa, kuma ba mu taɓa sauka ƙasa da uwar kuɗi ba, saboda su ma iyali suke ciyarwa kuma gobe tare za mu tsaya sahu a masallaci. In wani ya ji haushi ya sauke nasa zuwa 125 kar ka bi shi, ka zo ka faɗa min, sai mu mai da sukari 140 mu gwada ragin a kan taliya na sati biyu, ka buɗe mata sabon shafi a littafin.